Inda Bim Mai Siffar T Yake Jin Jiki

Idan aka ɗora kaya a kan bim da ke zaune bisa ginshiƙai biyu, yakan lanƙwasa ko da ido bai gani ba. Samansa na matsewa, ƙasansa na miƙewa. Tsakaninsu akwai layin da ba ya jin matsi ko ja, wanda za mu kira layin tsaka-tsaki. A bim mai kusurwa huɗu, layin yana tsakiya cif. A mai siffar T kuwa, yakan haura wajen hular, inda ƙarfe ya taru.

Mu ɗauki bim ɗin ƙarfe mai hula da ƙafa. Faɗin hular milimita 100 ne, kaurinta 20. Ƙafar kuma kaurinta 20, tsayinta 100. Kowanne yana da fili 2,000. Cibiyar ƙafar tana milimita 50 daga ƙasa, ta hular tana 110. Da yake filayen ɗaya suke, layin ya faɗa tsakiyar cibiyoyin biyu, wato milimita 80 daga ƙasa, 40 daga sama. In da filayen sun bambanta, sai a ninka kowanne da nisansa, a haɗa, a raba da jimillar fili.

Saura adadin da injiniyoyi ke rubutawa da harafin I, ma'aunin yadda siffar bim ke ƙin lanƙwasa. Kowane yanki yana kawo nasa, bh³/12, sannan a ƙara Ad², wato filinsa sau nisan cibiyarsa daga layin, sau nisan kuma. Ƙafar ta ba da 1,666,667, hular 66,667 kacal. Amma kowacce tana nesa da layin da milimita 30, don haka kowacce ta ƙaro 1,800,000. Jimilla 5,333,333 mm⁴ ke nan. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: wanda ya manta Ad² ya zubar da kashi biyu cikin uku na amsar.

Yanzu a sa tazarar ginshiƙan mita 2, a ɗora kilonutan 8 a tsakiya, kwatankwacin buhun siminti 16. Ƙarfin lanƙwasa, M = PL/4, ya zama 4,000,000 N·mm, ban da nauyin bim ɗin kansa. Da σ = My/I, gindin ƙafar yana jin ja na 60 N/mm², saman hular kuma matsi na 30. Wanda ya ɗauka layin yana tsakiyar tsayi zai samu 45 a gindi, ya raina haɗarin a daidai wurin da ya fi muni.

Lissafin nan na abu ne mai jinsi ɗaya, wanda bai kai ga lanƙwasar dindindin ba. Bim ɗin kankare da ke ƙarƙashin dakin shi ma T ne, amma kankare yakan tsage a ɓangaren ja, rodi ya karɓi aikin, don haka sai an sake neman layin ba tare da tsagaggen kankaren ba.