Famfo Na Ɗiga: Washa Ce Ko Katirij?

Kwana ɗaya daƙiƙa 86,400 ne. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 20 kafin gobe war haka, wato kusan jarka guda ta 'yan garuwa. Alhali abin da ya lalace a ciki sau da yawa bai fi girman kwabo ba.

Kafin a ɗauko sifana, a murɗa kan famfon a ƙirga. Idan sai an juya shi zagaye biyu ko uku kafin ya buɗe sosai, mai washa ne. A cikinsa akwai 'yar roba da ke sauka ta danne bakin ramin da ruwa ke fitowa. Yau da gobe robar takan taurare, ta tsage ko ta cinye. Alamarta ita ce idan aka ƙara matse kan, ɗigon ya ragu ko ya tsaya na 'yan kwanaki. Wannan matsewar ce ke ba ni takaici a gidajenmu, domin ita ke ƙarasa robar, daga baya kuma ruwan da ke kurɗawa ya ci tagullar da robar ke zama a kai. Idan ka sa sabuwar washa ɗigo bai daina ba, zura yatsa ka shafa wannan mazauni. In ka ji kaushi ko tsagi, sai an goge shi ya yi sumul, ko a sauya famfon.

Idan kuwa da kwatan zagaye famfon ke buɗewa, ya tsaya cak, ko mai hannu ɗaya ne da ake ɗagawa, to katirij ne a ciki. Faifan tangaran biyu ne masu santsi, ɗaya na zamewa a kan ɗaya ya toshe ƙofar ruwa. Matsewa ba ta rage ɗigonsa ko kaɗan. Babban abokin gabarsa yashi ne, irin wanda ke biyo ruwan burtsatse ko gindin tankin da aka daɗe ba a wanke ba. Da zarar ya karce faifan, sai dai sabon katirij.

A lura kuma da inda ruwan ke fita. Duk wannan bayani na ɗigon baki ne. Wanda ke tsattsafowa ta ƙarƙashin abin murɗawa, galibi ƙaramin zoben roba ne na jikin sandar famfon ya saki.

Wajen gyara, a fara rufe ruwa daga tanki, a toshe ramin kwatami kada ƙaramin noti ya faɗa. Washar famfon wanke hannu yawanci rabin inci ce. Katirij kam ya bambanta a tsawo da yawan haƙoran da ke riƙe hannu, don haka ka sa tsohon a aljihu ka tafi da shi shago.