Ninkin Magana a Rubutun Ɗalibai da Yadda Ake Cire Shi

Duk malamin da ya saba duba insha'in ɗalibai ya san wani irin kuskure da jan biro kan wuce shi bai taɓa ba. Ba kuskuren nahawu ba ne, ba kuma na ƙa'idar rubutu ba. Jimla ce lafiyayya, sai dai ta faɗi abu ɗaya sau biyu. Ɗalibi zai rubuta "tarihin da ya gabata", alhali babu tarihin da bai gabata ba. Zai rubuta "gawar mamaci", kamar akwai gawar mai rai. Wannan shi ne ninkin magana: a jera kalmomi biyu wuri guda, ta biyun ba ta kawo komai ba sai abin da ta farkon ta riga ta faɗa.

Ninkin iri biyu ne, kuma yana da kyau a raba su domin ba maganinsu ɗaya ba. Na farko shi ne inda aka haɗa kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya da "da" a tsakani, kamar "murna da farin ciki", "amfani da fa'ida", "tsoro da fargaba". Na biyu ya fi ɓoyewa, domin kalma ce ake liƙa wa bayanin da tun asali yana cikinta: "kyauta ba tare da biyan kuɗi ba", "sake maimaitawa", "haɗuwa tare", "gobarar wuta". A na farko zaɓi ake yi tsakanin kalmomi biyu. A na biyu babu zaɓi, bayanin da aka liƙa shi ne zai fita, kalmar asali ta tsaya.

Ɗalibi bai ƙirƙiro wannan ɗabi'a da kansa ba, gadonta ya yi. A Turanci, wanda da shi yawancin ɗalibanmu na Nijeriya ke rubuta jarrabawa, ninkin yana da tsohon tushe. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu, talakawa kuwa suka ci gaba da Ingilishinsu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Ingilishi. Masu rubuta takardun shari'a suka saba jera kalma ta Ingilishi kusa da takwararta ta Faransanci ko Latin, don kada wani ya ce bai gane ba. Da kunne ya saba da wannan kiɗa, sai aka riƙa ninkawa ko da kalmomin biyu duk na gida ne, kamar yadda ake jera kalmomi biyu na Turanci masu nufin "kowane" a gaban suna guda. Daga takardun lauyoyi abin ya shiga wasiƙun ofis, daga nan ya shiga jawabin manya a wurin taro, ɗalibi kuma ya ɗauka cewa haka gwanaye suke magana.

Hausa ma tana da nata irin wannan tarihin da Larabci. Mai wa'azi ko mai jawabi yakan kawo kalmar da kowa ya sani ya bi ta da wata ta malamai, kuma a baki hakan yana da amfani. Mai sauraro ba ya iya komawa baya ya sake jin jimlar da ta wuce shi, saboda haka maimaici yana ba shi dama ta biyu. Mai karatu kuwa takarda tana hannunsa, in ya so ya koma layin sau goma. Abin da yake taimako ga kunne sai ya zama kaya ga ido.

Akwai kuma dalili na kusa, wato ƙidayar kalmomi. A jarrabawar Turanci ta WAEC ana bukatar insha'i na kimanin kalmomi 450. Ɗalibin da abin faɗarsa ya ƙare a kalma ta ɗari uku yakan ga cewa hanya mafi sauƙi ita ce ya ninka abin da ya riga ya faɗa. Dabarar ba ta biya, domin mai maki yana duba ƙunshiya da tsari da iya sarrafa harshe, ba tsawo kaɗai ba. A sashen taƙaitawa kuwa, inda ake son amsa a jimloli ƙididdigaggu, kalmomin da ba su da aiki suna iya jawo ragin maki.

Hanyar gane ninki ba ta bukatar ƙamus. A sa yatsa a rufe ɗaya daga cikin kalmomin biyu, a karanta jimlar, sannan a tambayi kai: wane labari ne mai karatu ya rasa? Idan amsar ita ce babu, kalmar da ke ƙarƙashin yatsa ba ta da wurin zama. Ga nau'i na biyu akwai gwaji mafi sauri, shi ne a juya bayanin a ga ko kishiyarsa na yiwuwa. Akwai tarihin da bai zo ba tukuna? Akwai kyautar da ake biya? Akwai haɗuwar da ake yi a rarrabe? Tunda babu, bayanin bai bambanta komai da komai ba.

Bari mu gwada a kan sakin layi irin wanda ɗalibin babbar sakandare zai iya rubutawa idan aka ce ya ba da labarin kasuwar garinsu:

"A tarihin baya da ya gabata, kasuwar garinmu tana ci ne a kowace ranar Laraba ta kowane mako. Dukkan 'yan kasuwa baki ɗaya sukan haɗu tare a gindin wata tsohuwar kuka mai yawan shekaru da misalin wajen ƙarfe takwas na safe. Amma sai dai kuma a wata shekara gobarar wuta ta tashi, dalili kuwa shi ne saboda sakaci da rashin kula. Daga baya aka sake maimaita gina rumfunan, jama'a suka yi murna da farin ciki."

Kalmomi 75 ke nan. Jimlar farko ta faɗi "da" sau uku: tarihi, baya, ya gabata. "A da" ta wadatar. Laraba rana ce, kuma sau ɗaya take zuwa a mako, don haka "kowace Laraba" ta ɗauke duk nauyin. A jimla ta biyu "dukkan" da "baki ɗaya" abu guda ne, amma kafin a zaɓi ɗaya sai a tambayi ɗalibin ko da gaske duk 'yan kasuwar ne ke taruwa a gindin kukar, har mahauta da masu awo. Galibi zai ce a'a, ya rubuta ne don maganar ta yi ƙarfi. To duka biyun sai su fita. Wannan yakan faru sau da yawa: ninki ya zama rufi ga da'awar da marubucin bai tabbatar ba. "Tsohuwa" ta riga ta ƙunshi yawan shekaru, "misalin" da "wajen" duk kintace suke nunawa. A jimla ta uku an jera kalmomin juya magana har biyu, "amma" da "sai dai kuma", sannan aka ce "dalili" aka sake cewa "saboda". Sakaci shi ne rashin kula. Ga abin da ya rage:

"A da, kasuwar garinmu tana ci ne kowace Laraba. 'Yan kasuwa sukan haɗu a gindin wata tsohuwar kuka da misalin ƙarfe takwas na safe. Amma a wata shekara gobara ta tashi saboda sakaci. Daga baya aka sake gina rumfunan, jama'a suka yi murna."

Saura 43. An zubar da 32, kuma babu labari ko ɗaya da ya ɓace. Idan ɗalibi ya rubuta kalmomi 450 a kan wannan salo, kusan 190 daga ciki iska ce.

A lura da abin da ba a taɓa ba. An bar "na safe", domin akwai ƙarfe takwas na dare. An bar "sake" a gaban "gina", domin ita ke nuna cewa rumfunan sun taɓa tsayuwa kafin wuta ta ci su. "Maimaita" ce ta zo a banza. Nan ne ɗalibin da ya koyi darasin rabi da rabi yake yin ɓarna, ya kama yankan duk abin da ya gani bibbiyu. Hausa tana ninka kalma don ta canza ma'ana, kuma wannan nahawu ne, ba ƙari ba. "Kashi" daban, "kashi-kashi" daban. "A ba su naira goma" ba daidai yake da "a ba su naira goma-goma" ba, wanda ya cire ɗaya ya jawo rigima wajen rabo. "Baƙi ƙirin" da "fari fat" suna nuna tsananin launi. "Ladabi da biyayya" suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne, don ana samun yaro mai gaisuwa har ƙasa wanda ba ya jin magana. Shi kuma mai ba da shaida da ya ce "na gani da idona" yana raba abin da ya gani da abin da aka ba shi labari. A ganina "kowa da kowa" ma ta zauna a harshe, ba laifi ba ce a labari ko hira, sai dai in ta fito sau huɗu a shafi guda ta daina ƙarfafa komai.

Lokacin yin wannan aiki yana da muhimmanci. Kada a nemi ɗalibi ya riƙa farautar ninki yana cikin rubutun farko, tunaninsa zai tsinke. Sai ya gama, ya koma ya bi takardar sau ɗaya don wannan kawai, yana tsayawa a kan kowace "da" da ta haɗa kalmomi biyu, da kowane bayani da ya biyo bayan suna. Malami kuma ya fi kyau ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin biyu ya bar ɗalibin ya zaɓa, maimakon ya soke masa ɗaya. Zaɓin shi ne darasin, domin a nan ne zai gane cewa "fargaba" ta fi dacewa da abin da ake jira ya faru, "tsoro" kuma ya fi faɗi.

Ƙorafin da zai biyo baya sananne ne: "Malam, yanzu rubutuna bai kai adadi ba." Amsar tana cikin sakin layin da muka gyara. Da ninkin ya fita, giɓin gaskiya ya bayyana. Wace shekara ce gobarar ta tashi? Sakacin wa, mai tuyar ƙosai ce ta bar garwashi ko wayar lantarki ce ta haɗu? Rumfa nawa ta ƙone, wa ya ba da kuɗin ginin? Ɗalibi ya je ya tambayi dattawan unguwarsu, ya cike gurbin kalmomi 32 ɗin nan da amsoshin da ya samo.