Takardar da ke Tona Asirin Numfashin Majinyaci

A ɗakin gaggawa na asibiti, abin da dangin majinyaci suka fi zuba wa ido shi ne ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa. In ya nuna 98 ko 99 sai hankalin kowa ya kwanta. To amma wannan na'ura rabin labari take bayarwa. Iskar oksijin kaɗai take aunawa, alhali aikin huhu biyu ne: shigar da oksijin, da fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa, wato kabon dayoksaid. Mutum na iya cika da oksijin, amma ɗaya iskar tana taruwa a jininsa har ta kai shi ga suma.

Likitoci sun koyi wannan darasi da tsada. A shekarar 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofenhagen na ƙasar Denmak, cutar tana shanye tsokokin numfashi, mutane suna ta mutuwa. Wani likitan sa barci mai suna Ibsen ne ya gane cewa kabon dayoksaid ce ke taruwa a jininsu don ba sa iya fitar da ita. Aka huda maƙogwaronsu, ɗaliban likitanci suka riƙa hura musu iska da jakar roba dare da rana, mace-mace suka ragu ƙwarai. A wannan asibitin ne Dakta Astrup ya inganta hanyar auna tsamin jini, wadda ta zama tushen gwajin da ake yi a yau.

Me ya haɗa iska da tsami? Kabon dayoksaid in ta narke a ruwan jini takan zama sinadari mai tsami. Jiki kuwa ba ya jure sauyi a nan. Ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH, tsakanin 7.35 da 7.45 yake ga lafiyayye, kuma raguwar lambar na nufin ƙaruwar tsami. Abin da ke tare tsamin shi ne bikabonet, wanda ƙoda ke sarrafa yawansa, kamar yadda uwargida ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsaminta. Bambancin huhu da ƙoda shi ne sauri. Huhu kan sauya yawan kabon dayoksaid cikin mintuna, ƙoda kuwa sai ta yi kwana uku zuwa biyar kafin ta gama tara bikabonet. Wannan jinkiri na ƙoda shi ke bai wa likita damar sanin ko matsalar ta yau ce ko ta daɗe.

Jinin gwajin ba daga jijiyar da aka saba ɗiba ake samunsa ba. Daga jijiya mai harbawa ta wuyan hannu ake ɗiba, da sirinji mai maganin hana daskarewa, sannan a danne wurin kamar minti biyar. Akwai zafi, ya kamata a faɗa wa majinyaci gaskiya tun kafin a soka. Kumfar iska a cikin sirinji na ɓata sakamako, haka ma barin jinin ya wuce rabin awa. Kuma dole a rubuta yawan oksijin da ake ba mutum a lokacin.

Mu ɗauki misali. Dattijuwa ce mai shekara 65, ta shafe rayuwarta tana girki da itace a madafa marar taga, hayaƙi ya toshe mata hanyoyin iska, tana fama da tari da haki shekara da shekaru. Mura ta sauka mata a ƙirji, aka kawo ta asibiti, aka sa mata oksijin mai yawa. Bayan awa biyu na'urar yatsa na nuna 99, hakin ya lafa, ta fara gyangyaɗi. 'Ya'yanta suka ce alhamdulillahi, Inna ta samu barci. Da aka gwada jininta sai takarda ta fito haka: pH 7.25, pCO2 85, HCO3 36, pO2 110.

Da pH ake farawa: 7.25 ya gaza 7.35, jininta ya yi tsami. Sai a nemi mai laifi. Lambar pCO2 ita ce kabon dayoksaid, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 35 da 45 a ma'aunin mmHg. Tata ta kai 85, ke nan daga huhu tsamin ya fito. Sai HCO3, wato bikabonet, mai zama tsakanin 22 da 26. Tata 36 ce, kuma a nan ake ɗan lissafi. In taruwar iskar ta farat ɗaya ce, bikabonet kan ƙaru da 1 kacal a kan kowane ƙarin 10 na pCO2. In ta daɗe, yakan ƙaru da kusan 4. Lambarta ta ɗara 40 da 45. Da yau abin ya fara, da bikabonet bai wuce 28 ko 29 ba, da kuma pH ya faɗi kusan 7.14. Da kuma ta daɗe a kan 85, da ya kai kusan 42. Tunda 36 na tsakani, ma'anar ita ce tsohon ciwo ne sabo ya hau kansa. Gyangyaɗin nan ba hutu ba ne, kabon dayoksaid ce ke danne mata ƙwaƙwalwa.

Yaya oksijin ya jawo haka? A huhun da ya lalace, jiki kan tsuke jijiyoyin jini a sassan da iska ba ta shiga sosai, ya karkatar da jinin zuwa sassa masu lafiya. Oksijin mai yawa na kwance wannan dabara, jini ya koma inda ba zai iya sauke kabon dayoksaid ba. Sannan jajayen ƙwayoyin jini in sun cika da oksijin sukan saki kabon dayoksaid ɗin da suke ɗauke da ita. Ga wasu kuma ƙarfin jan numfashin kansa kan ɗan ragu.

Ba cire oksijin gaba ɗaya ake yi ba, wannan na iya kashe ta nan take. Rage shi ake yi har na'urar yatsa ta zauna tsakanin 88 da 92. A ba ta maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska da na rage kumburi, da na kashe ƙwayoyin cuta in akwai alamarsu. Tunda tsamin ya yi yawa, a ɗaura mata takunkumin injin da ke tura iska da ƙarfi, a maimaita gwajin bayan kamar awa ɗaya. In aka ga pH 7.33 da pCO2 68, ta kama hanya. Ba a neman pCO2 ɗinta ya sauko 40, domin wataƙila a kan 60 take rayuwa a gida, ƙodarta ta riga ta daidaita jininta a kan hakan. In kuwa pH ya ci gaba da faɗuwa ko sumarta ta yi nisa, sai ɗakin kulawa ta musamman da bututu a maƙogwaro. Ina jaddada cewa wannan taka-tsantsan na masu irin ciwonta ne. Wanda ciwon sanyin huhu ya kama, oksijinsa ya faɗi ƙasa da 60 a pO2 amma pCO2 bai hau ba, shi a ba shi oksijin ba tare da ƙwauro ba.

Akwai kuma inda lamba mai kyau ke yaudara. Matashi mai asma da ke haki da sauri yana fitar da kabon dayoksaid fiye da kima, don haka ana sa ran ganin pCO2 kusan 30. In aka ga 42 alhali yana jan numfashi sau 35 a minti, alama ce tsokokin ƙirjinsa sun fara gajiya, iskar ta fara taruwa. Irin wannan ba a kai shi ɗakin kwanciya a jira safiya, a take ake kiran likitocin kulawa ta musamman.