Aikin Tafinta A Gindin Dalar Giza

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin babbar dalar Giza, a gefen birnin Alkahira na ƙasar Masar, ya san jagororin baƙi na wurin ba su jiran kowa. Jagora zai zuba bayani da Larabci kamar ruwan sama, ya jero shekaru da tsawo da sunayen sarakuna, kafin a ankara ya yi gaba. Idan ayarin na 'yan kasuwa ne ko alhazai daga Nijeriya, to, nauyin duka yakan faɗa kan wani ɗalibi Bahaushe mai karatu a Azhar, wanda aka ɗauko don ya yi tafinta. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne za su kai gida, su faɗa wa iyali da abokai a matsayin tarihi. In ya kauce, kuskuren zai yi ta yawo shekara da shekaru, ba mai gyarawa.

Tarko na farko yana cikin lissafi ne. Hausa ta ari ƙidayarta ta gomiya daga Larabci, watau ashirin, talatin, arba'in, har zuwa casa'in, saboda haka kunnen tafinta yakan ɗauka ya san hanya. Amma fa Balarabe yana fara faɗin ƙaramin adadi ne kafin gomiya. Idan jagora ya ce tsayin dalar na asali mita "mi'a wa sitta wa arba'in", ɗari da shida da arba'in ya ce, watau 146. Tafinta mai gaggawa sai ya ji "sitta" kamar sittin, ya bi kalmomin yadda suka zo, ya ce ɗari da sittin da huɗu. Nan take ya ƙara wa ginin mita 18 da ba shi da su. Don haka ƙwararru ba su rabuwa da ɗan littafi da alƙalami. Adadi na fitowa sai su rubuta shi da lambobi, su karanto daga takarda, ba daga ka ba.

Samun adadin daidai rabin aiki ne kawai, domin dattijon da bai saba awo da mita ba, 146 ba ta nuna masa kome. A nan tafinta yakan faɗi adadin yadda jagora ya faɗa, sa'an nan ya kawo kwatanci. Ga wanda ya tashi da awon Ingilishi sai ya ce ƙafa 481. Ga sauran kuwa, tun da hawa ɗaya na bene bai cika wuce mita uku ba, sai ya ce kusan bene mai hawa hamsin. Haka kuma in jagora ya ce gindin dalar ya cinye "faddan" 13, ba sai an sha wahala ba, gama faddan na Masar ya ɗara eka da kaɗan ne kawai. Ana iya cewa eka 13, ko filin ƙwallo bakwai da ɗoriya. Sharaɗin dai shi ne tafinta ya sanar da mutane cewa kwatancin nasa ne, kada su jingina wa jagora abin da bai faɗa ba.

Akwai awon da ya fi wannan yaudara. Wani lokaci jagora yakan ce magina sun tsara dalar a kan zira'i 280 na tsayi. Bahaushe na jin zira'i sai ya tuna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wanda bai cika wuce santimita 45 ba. Alhali kuwa zira'in da maginan suka yi aiki da shi, wanda ake kira na sarauta, faɗin tafi bakwai ne maimakon shida, kimanin santimita 52 da rabi. In aka lissafa 280 da kamu na yau da kullum, mita 126 za a samu, an zabge wa dalar mita 20 ke nan. In kuwa aka lissafa da na sarauta, sai a komo kan mita 146 da 'yan kai. Wannan ma hanya ce ta gane kuskure: idan adadi biyu da jagora ya bayar game da abu ɗaya ba su haɗu ba, to, akwai wanda aka ji a karkace, sai a nemi ya maimaita.

Sai batun shekaru. An kammala dalar wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Idan "kafin" ɗin nan ta faɗi a hanya saboda hayaniya, mai sauraro zai ɗauka shekara 2,560 ke nan da ginin. Tafinta mai hankali yakan haɗa da shekarun Miladiyya da suka shige, ya ce fiye da shekara 4,500. Daɗin daɗawa, ƙidayar wancan zamani da baya take tafiya, mai adadi babba shi ne ya riga, kuma dole a faɗa wa mutane haka tun da farko.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A bakin ramin da baƙi ke shiga ciki, jagora zai ce an danganta haƙa shi ga Halifa Ma'amun, wanda ya zo Masar a shekara ta 217. Wannan kuma Hijira ce, ko da bai ambata ba. Sunan halifa shi ne alama. Da yake shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, ana rage uku cikin kowane ɗari, a ƙara 622. Daga 217 in an cire shida da rabi saura 210 da rabi, a ƙara 622, an sami 832 Miladiyya. Haka kuma ya kamata tafinta ya riƙe kalmar "an danganta", domin ruwaya ce, masana ba su haɗu a kanta ba.

Kalmomin da ba a saba da su ba su ma suna da nasu hatsarin. Kalmar dala ba ta da wuya, albarkacin dalar gyada ta Kano. Amma in jagora ya nuna ƙananan kaburbura ya ce "masɗaba", gara tafinta ya faɗi sunan sau ɗaya, ya bayyana cewa kabari ne mai shimfiɗaɗɗen kai, kamar dakalin ƙofar gida, wanda daga gare shi ma sunan ya samo asali. In ya ce Khufu sarki ne na "usra" ta huɗu, ba iyali yake nufi ba, gidan sarauta na huɗu ne.

Mafi nauyi duka ita ce kalmar Fir'auna. Jagora yakan kira kowane sarkin Masar na dā da ita, shi kuwa Bahaushe Fir'auna ɗaya ya sani, na zamanin Annabi Musa. In aka bar ta haka, alhaji zai koma gida yana rantsuwa ya ga kabarin wanda ruwa ya ci. Gaskiyar maganar ita ce, sai bayan Khufu da fiye da shekara dubu aka fara kiran sarakunan Masar da wannan laƙabi. Saboda haka "Sarki Khufu" ya fi dacewa, in kuma wani ya tambaya, a miƙa tambayar ga jagora.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an shirya tun kafin a sauka daga mota. Tafinta ya nemi jagora su yi magana ta minti biyar, ya rubuta sunaye da manyan adadi, su kuma yi yarjejeniya cewa zai riƙa tsayawa bayan jimla biyu ko uku. Wanda ya ji kunyar cewa "a maimaita" a gaban dattawa, ya tuna cewa su ba su da wata hanyar gane ya yi kuskure, amanarsa kaɗai suka riƙa. Allah Ya sa a riƙe ta.