Yadda Ake Lissafa Lantarkin Ƙwayar Jijiya Idan Tana Hutu

Ƙwayar jijiya da ke hutu tana da bambancin lantarki tsakanin cikinta da wajenta, kuma sinadarin fotasiyam ne ya fi haddasa shi. Ana lissafa shi da ƙa'idar Nernst, a zafin jikin ɗan Adam:

```
E = (61.5 / z) × log10(waje / ciki)
```

Cajin fotasiyam, wato z, shi ne +1. A kowace lita, akwai kimanin milimol 5 a waje, 140 a ciki. Da farko a raba 5 da 140, a samu 0.0357. Logaridim ɗinsa shi ne −1.447. Sai a ninka da 61.5, amsa ta zama milibolt −89.

Amma idan aka auna, kusan −70 ake samu, domin sodiyam kaɗan yana kutsawa ciki ta tantanin ƙwayar.