Yadda farashi zai shiga takardar ciniki da kansa

Mai shagon da ke rubuta cinikinsa a Excel ba ya bukatar cike farashi da hannu. A ce yana da shafi mai suna Kaya, lambar kowane kaya a ginshiƙin A, sunansa a B, farashinsa a C. A shafin ciniki ya rubuta lambar sukari a gidan A2, sai ya sa wannan a B2:

```
=VLOOKUP(A2,Kaya!$A$2:$C$200,3,FALSE)
```

Ma'anarta, a nemo lambar a ginshiƙin farko na jerin, a ɗauko abin da ke ginshiƙi na 3. Alamar $ ita ke riƙe jerin kada ya zame idan aka ja dabarar zuwa ƙasa.

Abin da na fi jan kunne a kai shi ne FALSE. Idan aka manta da ita, Excel yakan kawo farashin wani kaya daban, kuma ba zai yi gargaɗi ba. Gara ma #N/A, domin ita tana faɗa maka ba a ga lambar ba. Sau da yawa ɗan fili ne ya maƙale a ƙarshen lambar, TRIM kuwa tana share shi.