Takardun banki na neman biza: abin da banki ke son ji daga bakinka

A rassan bankunan Kano da Kaduna da Abuja, da zarar damina ta kankama sai a fara ganin ɗalibai a teburin kula da abokan hulɗa, kowa da fasfo a hannu, yana neman takardar da zai kai ofishin jakadanci. Da yawansu ba su san cewa takardun biyu ba ne, kuma kowace da aikinta.

Ta farko ita ce sitatimen, wato bayanin duk kuɗin da ya shiga asusu da wanda ya fita a tsawon wani lokaci. Ta biyu wasiƙar shaida ce da banki ke rubutawa a kan takardarsa mai tambari, yana tabbatar da cewa wane abokin hulɗarsa ne, ga ranar da ya buɗe asusun, ga irin asusun, kuma ana gudanar da shi lafiya. Bankuna kan rufe wannan wasiƙa da cewa ba su ɗauki alhakin komai ba. Wannan ba aibu ba ne, haka aka saba rubuta ta.

Banki ba ya sakin sirrin asusu da fatar baki. Mai asusun zai rubuta takardar buƙata ko ya cika fom, ya sa cikakken sunansa, da lambar asusun mai alƙaluma 10, da ranar da sitatimen zai fara da ranar da zai ƙare, da sunan ofishin jakadancin da za a rubuta wa. Zai faɗi ko yana son a ambaci adadin kuɗin da ke ciki a wasiƙar, ya ba da izinin cire kuɗin aiki, sannan ya sa hannu irin wanda ya sa ranar buɗe asusun. Akan nemi katin shaida ko fasfo, wani lokaci da lambar BVN. Jadawalin caji na Babban Bankin Nijeriya da ya fara aiki a 2020 ya ƙayyade naira 20 a kan kowane shafi na sitatimen da aka nema musamman. Wasiƙar kuwa kuɗinta daban.

Kafin a bar teburin, a duba suna. A nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe: fasfo ya ce Muhammad, banki ya ce Mohammed, ko an sa sunan gari a ɗaya babu a ɗayan. Gyaran suna a banki na iya cin kwanaki, don haka da shi ya kamata a fara. A kuma tabbatar an buga hatimi an sa hannu, domin jami'in biza na iya tuntuɓar bankin ya tambaya.

Sai maganar kwanan wata, wadda bizar karatu ta Birtaniya ke tsanantawa a kanta. A ɗauki ɗalibar da ta sami gurbi a wata jami'a a wajen Landan. A tsohuwar ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kuɗin zama fam 1,136 ne a wata har wata 9, jimla fam 10,224 (adadin kan canza, sai a duba na ranar). A kan wannan za ta ɗora ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da takardarta ta CAS ta nuna. Idan saura fam 8,000, to fam 18,224 ke nan, ko kwatankwacinsa a naira bisa canjin ranar da ta shigar da buƙata.

Dole kuɗin ya zauna kwana 28 a jere ba tare da ya yi ƙasa da wannan adadi ba ko da na yini ɗaya. Idan sitatimen ya ƙare ranar 30 ga Yuni, ya kamata kuɗin ya cika tun daga 3 ga Yuni, kuma ta shigar da buƙatar cikin kwana 31 daga ranar rufewar. Wanda ya ajiye daidai adadin cif-cif ya yi ganganci, domin cajin saƙon waya kaɗai ko faɗuwar naira na iya jawo shi ƙasa. Idan kuma asusun mahaifinta ne, sai ta haɗa da takardar haihuwa da rubutaccen izininsa. Asusun kawu ko na kamfani ba ya shiga.

Bizar ziyara ba ta da adadi ƙayyadadde. Akan kai sitatimen na wata uku zuwa shida, kuma abin da jami'i ke dubawa shi ne ko kuɗin ya yi daidai da sana'ar mutum. Ma'aikacin da albashinsa naira 250,000 ne, sai ga miliyan 9 ta faɗo mako guda kafin a buga takarda, yana da bayanin yi. Idan fili ya sayar, ya haɗa da takardar ciniki. Masu cewa za su haɗa wa mutum sitatimen a kanti kuwa, idan jami'an Birtaniya suka gano takardar bogi, dokarsu ta ba da damar hana shi biza har shekara 10.